Yadda ake mayar da zanen tafiyar aiki da ke cikin hoton allo zuwa jerin matakai masu lamba

A wani ƙaramin shagon aike da karɓar kuɗi da ke kusa da babbar kasuwar Tawa, an ɗauki sabuwar ma'aikaciya domin ta zauna a gishe, ta riƙa biyan mutane kuɗin da ƴan uwansu ke aiko musu daga Abijan da Yamai da sauran wuraren ci-rani. Abin da shugaban shagon ya ba ta a matsayin jagora shi ne hoton allo guda ɗaya da aka turo masa ta WhatsApp, wanda ke nuna zanen tafiyar aikin biyan kuɗi, da akwatuna da kibiyoyi, rubutun ciki kuma da Faransanci. Da yake na taɓa yin wannan aiki shekaru da dama, sai aka roƙe ni in mayar mata da zanen zuwa jerin matakai masu lamba, wanda za ta ajiye a gefen kwamfuta ta riƙa bi layi bayan layi. Aikin ya ci mini yini biyu, kuma ƙarfinsa duk a kan kibiyoyi ya tafi, domin rubutun cikin akwatuna kowa na iya kwafe shi, amma kibiya ita ce ke faɗin inda za a nufa bayan kowane mataki, kuma ita ce ke fara ɓacewa idan zane ya koma rubutu.

Dalilin haka yana cikin bambancin da ke tsakanin zane da jeri. Zane yana da faɗi da tsawo, saboda haka hanya tana iya rabuwa biyu, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi ƙasa, su sake haɗuwa can gaba, ko kuma wata ta juya ta koma sama. Jeri kuwa hanya ɗaya gare shi, daga sama zuwa ƙasa, kuma duk wanda ya gama karanta mataki na 5 zai ɗauka cewa na 6 ne ke biye, sai fa idan an hana shi da rubutu. Ke nan duk inda zanen ya rabu ko ya koma baya, wajibi ne jerin ya faɗi lambar matakin da za a tafi a fili. Wanda ya manta da wannan a wuri ɗaya kacal ya sauya tsarin aikin ba tare da ya sani ba.

Kafin a rubuta komai, sai an san ma'anar siffofin. Galibin irin waɗannan zane-zane suna bin alamomin da ƙa'idar ISO 5807 ta shekarar 1985 ta tsara. Akwati mai zagayayyen baki yana nuna farko ko ƙarshe, shi ya sa a namu hoton aka rubuta «Début» a cikin na sama da «Fin» a cikin na ƙasa. Akwati mai kusurwa huɗu na yau da kullum aiki ne da za a yi. Wanda ke tsaye a kan tsininsa tambaya ce, kuma daga gare shi kibiyoyi biyu ke fita, ɗaya ɗauke da «Oui» ɗaya da «Non». Sai ƙaramar da'ira mai harafi a ciki, wadda mutane da yawa ke ɗauka ado ce, alhali mahaɗa ce: tana nufin hanya ta yanke a nan, za ta ci gaba a wani wuri da ke ɗauke da wannan harafi, wataƙila ma a wani shafi dabam.

Abu na farko da na yi shi ne buga hoton a takarda da sanya wa kowane akwati lamba da biro, sannan na ƙirga. Na sami akwatunan tambaya huɗu, wato ya kamata a ga kibiyoyi takwas suna fita daga cikinsu, kowace da alamarta da kuma inda ta sauka. Wannan ƙirge mai sauƙi shi ne ya tona asirin hoton. Kibiyoyi bakwai sun sauka a kan akwatunan da nake gani, ta takwas kuwa, wadda ke fita daga tambayar yawan kuɗi ta ɓangaren «Oui», ta shige cikin wata da'ira mai harafin A, kuma babu wata A ta biyu a ko'ina cikin hoton. A gefen dama kuma, daidai inda hoton ya yanke, ana hango rabin wata da'ira da wani ɗan guntun layi, ba a iya karanta harafinta. Wanda ya ɗauki hoton ya kama shafi na farko ne kawai, bai ma kama shi duka ba.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada, wato mutum ya cike giɓin da abin da yake ganin ya dace. Hoton allo yana da iyakoki uku da ya kamata a riƙa tunawa da su. Yana yanke gefe, yana nuna shafi ɗaya daga cikin shafuka, kuma idan aka turo shi a matsayin hoto ta WhatsApp ana matse shi har ƙananan alamomi su dushe. A namu, tambaya ta uku tana cewa «Montant > 500 000 ?», amma akwai wani duhu a ƙarƙashin alamar da ya sa ba za a iya rantsuwa cewa > ce ko ≥ ba. Bambancin ɗan layi ɗaya ne, amma shi ke yanke hukunci a kan mutumin da aka aiko wa 500 000 cif, kuma masu aike suna son irin wannan cikakken adadi ƙwarai, don haka lamarin zai riƙa faruwa a gishe. Na rubuta tambayoyina a takarda na kai wa shugaban shagon, na kuma roƙe shi ya sa a turo ainihin fayil ɗin ta hanyar «Document», wadda ba ta matse abin da aka aiko. Da ya iso sai ga shafi na biyu: da'irar A tana kaiwa ga kiran shugaba da tambayar «Accord du chef ?», wadda «Non» ɗinta ke zuwa ga ƙin biya, «Oui» kuma ke shiga da'irar B. Rabin da'irar nan da ke gefen hoton ita ce B. Alamar kuma ta tabbata > ce, wato 500 000 daidai ba ya buƙatar shugaba.

Ko da cikakken zanen ya zo hannu, akwai wurare biyu da bai isa a miƙa wa sabon ma'aikaci yadda yake ba. Na farko, tambaya ta biyu tana cewa «Pièce valide et nom conforme ?», wato tambayoyi biyu ne aka cusa a akwati ɗaya: shin katin shaida bai ƙare aiki ba, kuma shin sunan da ke kansa ya yi daidai da wanda ke allo? Tsohon ma'aikaci yana duba duka biyun da kallo ɗaya. Sabo kuwa zai duba wanda ya fi jan ido, wato suna, ya manta da ranar ƙarewar kati, sannan idan ya ƙi biya ba zai iya gaya wa mutum abin da zai gyara ba, alhali maganin matsalolin biyu ba ɗaya ba ne. Mai katin da ya ƙare sai ya kawo wata shaidar da shagon ke karɓa, wanda sunansa ya saɓa kuwa sai wanda ya aiko ya je ya gyara daga can. Saboda haka na raba akwatin gida biyu.

Na biyu, idan kwamfuta ba ta gane lambar aike ba, zanen yana cewa a sake duba lambar a koma a shigar da ita, kuma kibiyar tana zagayawa haka ba tare da mafita ba. A takarda wannan ba ya damun kowa, amma a gishe yana nufin ma'aikaciya za ta yi ta shigar da lamba har sau goma, layi yana tsawo a bayan mutum ɗaya, ko kuma ta yanke wa kanta hukunci ba tare da izini ba. Na tambayi shugaban abin da suke yi a zahiri, ya ce bayan gwaji uku ana sallamar mutum ya je ya kira wanda ya aiko. Wannan doka tana cikin kawunan tsofaffin ma'aikata, ba ta cikin zane, kuma na shigar da ita jerin ne da amincewarsa, na sa mata alama a kwafina domin a san cewa ƙari ce. Ina ganin wannan rarrabewa tana da nauyi: abin da zane ya faɗa dabam, abin da mai iko ya ƙara dabam, abin da mai rubutu ya zata kuwa ba shi da gurbi a jerin ko kaɗan.

Wajen rubutawa na bi ƙa'idoji kaɗan. Kowane mataki ko dai aiki ne ko tambaya, ba a gwama su. Aiki yana farawa da umurni kai tsaye, tambaya kuma ana iya amsa ta da i ko a'a, kuma amsoshin biyu duka suna ɗauke da lambar inda za a tafi, har da wadda ke kaiwa ga layin da ke biye, domin ido ya saba da ganin lambobi biyu a kowace tambaya ya kuma lura idan ɗaya ta ɓace. Na jera hanyar da aka fi bi kullum, wato ta biyan kuɗi ba tare da matsala ba, a matsayin ƙashin bayan jerin, na tura ƙin biya zuwa ƙarshe. Na kuma guje wa salon «a kira», «a duba», domin yana ɓoye wanda zai yi aikin. Tunda ita aka rubuta wa, da ita jerin yake magana. Ga yadda ya tsaya a ƙarshe:

1. Ki karɓi lambar aike da katin shaida daga hannun mai karɓar kuɗi.
2. Ki shigar da lambar a kwamfuta.
3. Aiken ya fito a allo? Idan i, ki je 6. Idan a'a, ki je 4.
4. Wannan shi ne gwaji na uku? Idan i, ki je 15. Idan a'a, ki je 5.
5. Ki roƙe shi ya nuna miki lambar a cikin saƙon da aka turo masa, sannan ki koma 2.
6. Ranar ƙarewar katin tana gaba? Idan i, ki je 7. Idan a'a, ki je 15.
7. Sunan da ke kan katin daidai yake da na allo, harafi da harafi? Idan i, ki je 8. Idan a'a, ki je 15.
8. Kuɗin sun haura sefa 500 000? Idan i, ki je 9. Idan a'a, ki je 11. (500 000 daidai bai haura ba.)
9. Ki kira shugaba, ki nuna masa katin da allon.
10. Shugaba ya amince? Idan i, ki je 11. Idan a'a, ki je 15.
11. Kuɗin da ke kes sun isa a biya duka? Idan i, ki je 13. Idan a'a, ki je 12.
12. Kada ki danna «Valider». Ki sanar da shugaba, ki gaya wa mai karɓa lokacin da zai dawo, ki mayar masa da katinsa. Aiki ya ƙare, ba a biya ba.
13. Ki danna «Valider», ki buga rasit biyu, ya sa hannu a kan duka biyun.
14. Ki ƙirga kuɗin a gabansa, ki miƙa masa tare da katinsa da rasit ɗaya, ki ajiye ɗayan. Aiki ya ƙare, an biya.
15. Ki mayar masa da katinsa, ki gaya masa dalili da abin da zai gyara, ki rubuta dalilin a rajista. Aiki ya ƙare, ba a biya ba.

Akwai abubuwa biyu a cikin jerin da suka taso daga yadda muke magana a nan. Na bar kalmar «Valider» da Faransanci duk da cewa sauran rubutun Hausa ne, domin ita ce a kan maɓallin da za ta danna, kuma idan na fassara ta sai ma'aikaciyar ta tsaya neman abin da babu shi a allo. Adadin kuɗi kuma na rubuta shi da lambobi tare da kalmar sefa, saboda a kasuwa da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya kuma sefa 1000. Wanda ya ji «dubu ɗari» a bakin ɗan kasuwa yana iya fahimtar dala dubu ɗari, wato sefa 500 000, wani kuma ya fahimci sefa 100 000. Jerin aiki ba ya ɗaukar kalmar da mutum biyu za su karanta su fito da adadi biyu.

Mataki na 7 shi ne ya fi jawo gardama, kuma na daɗe a kansa. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri a takardun hukuma: wanda ya aiko zai rubuta Aboubacar, kati ya ce Boubacar, ko ya rubuta Mamane alhali kati na ɗauke da Mahamadou, kuma kowa a unguwa ya san mutum ɗaya ne. Zanen ya ce «nom conforme» kawai ya yi shiru. Da na bar maganar haka, da na ɗora wa yarinyar da ba ta yi mako ɗaya a aiki ba nauyin yanke hukunci a gaban dattijon da ke ce mata ƴata, kin san ni, kin san gidana. Shugaban ya zaɓi tsauri, ya ce harafi da harafi, kuma na rubuta haka domin ta sami abin da za ta nuna ta ce dokar shago ce, Baba, ba ra'ayina ba ne. Wani shagon yana iya zaɓar a kai wa shugaba duk sunan da ya yi kusa, kuma wannan ma hanya ce mai kyau, muddin an rubuta ta a matsayin mataki mai lamba.

Bayan rubutu sai gwaji, kuma akwai lissafin da ke nuna adadin gwajin da ya kamata a yi. Thomas McCabe, a shekarar 1976, ya nuna a fannin rubuta manhaja cewa idan kowace tambaya tana da mafita biyu, adadin hanyoyi masu zaman kansu shi ne adadin tambayoyi a ƙara ɗaya. Jerinmu yana da tambayoyi bakwai, a matakai na 3, 4, 6, 7, 8, 10 da 11, don haka ana buƙatar labarai takwas: ƙaramin aike da ya tafi lafiya, lambar da aka kuskure sau ɗaya aka gyara, lambar da ta ƙi har sau uku, katin da ya ƙare, sunan da ya saɓa, babban aike da shugaba ya amince da shi, wanda ya ƙi, da kuma lokacin da kes bai isa ba. Ana rubuta kowane labari a ɗan guntun takarda, mutum ɗaya ya bi shi da yatsa a kan zane, sabon ma'aikaci kuma ya bi shi a kan jerin shi kaɗai, ba tare da an taimake shi ba, sannan a kwatanta inda kowa ya ƙare da matakan da ya taka. Wanda ya rubuta jerin bai dace ya gwada shi ba, domin kansa zai riƙa cike masa abin da takarda ba ta faɗa ba.

Wannan lissafi yana da iyaka, kuma na ga iyakar da idona. A rubutuna na farko, mataki na 10 yana cewa idan shugaba ya amince a je 13, domin a raina na ɗauka cewa amincewar shugaba ita ce magana ta ƙarshe, ban bi da'irar B da yatsa har inda ta sauka ba. Labarai takwas ɗin nan duka sun ƙare inda ya kamata, tunda a labarin babban aike kes cike yake, a labarin ƙarancin kuɗi kuma aiken ƙarami ne. Inda yake ƙarewa kawai muka duba a zagayen farko, ba mu kwatanta matakan da aka taka ba. Ma'aikaciyar ce da kanta ta kawo labari na tara, ta ce: «Malam, idan wata tsohuwa ta zo gab da babbar salla, ɗanta ya aiko mata 750 000 daga Abijan, shugaba ya amince, kes kuma 600 000 ne a ciki, ina jerin zai kai ni?» Muka bi tare: 1, 2, 3, 6, 7, 8, 9, 10, sai 13. Jerin ya sa ta danna «Valider» ba ta duba kes ba, wato kwamfuta za ta rubuta cewa an biya, tsohuwa ta sa hannu a rasit, sannan a tarar da giɓin 150 000. Daga nan sai a shiga neman soke abin da aka riga aka tabbatar, ko a sallami tsohuwa da kuɗin da ba su cika ba alhali takarda na cewa ta karɓi duka. Da muka koma kan zane, da'irar B tana shiga ne a saman tambayar «Caisse suffisante ?», daidai kan kibiyar da ke shigarta. Lamba ɗaya na gyara, 13 ta koma 11.

Tun daga ranar nake ƙara wani bincike da ya shafi wuraren da hanyoyi ke haɗuwa. Ga kowane akwati da kibiya fiye da ɗaya ke shiga, ina ƙirga kibiyoyin a zane, sannan in ƙirga sau nawa lambarsa ta bayyana a jerin a matsayin wurin zuwa. Mataki na 11 kibiyoyi biyu ke shigarsa, daga 8 da daga 10, don haka dole «ki je 11» ta bayyana sau biyu. Mataki na 15 huɗu ke shigarsa, daga 4, 6, 7 da 10, idan aka lissafa da matakin da aka ƙara da akwatin da aka raba biyu. A rubutuna na farko «ki je 11» sau ɗaya ta fito, «ki je 13» kuma sau biyu, kuma da na yi wannan ƙirge tun farko da kuskuren bai kai gaban ma'aikaciyar ba. Haka kuma duk wani mataki da ba a iya janyewa bayan an yi shi, irin su danna «Valider» ko miƙa kuɗi, ana bin duk hanyoyin da ke kaiwa gare shi ta baya, a tabbatar kowace ta ratsa dukan binciken da aka gindaya.

Saura batun gyara a gaba, domin jeri mai lambobi yana da rauni guda da zane ba shi da shi. Idan wata rana aka cusa sabon mataki tsakanin 7 da 8, duk lambobin da ke ƙasa za su matsa, kuma idan an yi amfani da lambobin da kwamfuta ke jerawa da kanta, za ta sauya na gefen layi ta bar waɗanda ke cikin jumla yadda suke, sai «ki je 15» ta koma nuna biyan kuɗi maimakon ƙin biya. Shi ya sa na shawarci shugaban cewa ƙaramin ƙari a ba shi suna irin 7a, idan kuwa gyaran ya yi yawa a sake lambobin gaba ɗaya a maimaita gwajin labarai tara. A ƙasan takardar na rubuta ranar da aka yi ta, da sunan fayil ɗin da aka ɗauko ta daga ciki, da matakai uku da ba su cikin ainihin zanen yadda suke a nan, wato 4 da kuma 6 da 7 da aka raba, shugaban ya sa hannu, aka lulluɓe ta da leda aka manna a jikin gishe ta ɓangaren da ma'aikaciyar ke zama.